Idon Abokai da Ƙwaƙwalwar Matashi

Ina aikin ba ɗalibai shawara a wata sakandare da ke ƙaramar hukumar Tarauni, kuma kalmar da na fi ji daga bakin iyaye ita ce "ya kangare". Sau da yawa ba kangara ba ce. Ina so in nuna muku abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar irin wannan yaro, domin ku san inda za ku sa ƙarfinku.

Daga balaga, sashen ƙwaƙwalwa mai jin daɗin yabo da sabon abu yakan farka da ƙarfi. Shi kuwa sashen da ke bayan goshi, wanda ke auna sakamako ya ce a dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Ba wai matashi bai san haɗari ba. Ku zaunar da ɗan shekara 15 ku tambaye shi illar gudu da babur, zai jero muku tsaf. Sanin ne ba ya riƙe shi a lokacin da jini ya ɗau zafi.

A 2005, Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun ba matasa da manya wasan tuƙi a kwamfuta: fitila ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka taka birki ko ka yi kasada ka wuce. Ƙananan matasa da aka zaunar tare da sa'o'insu biyu sun yi kasada kusan ninkin ta waɗanda ke su kaɗai. Manya kuwa ba su canza sosai ba. A 2011 aka maimaita gwajin ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokan na wani ɗaki suna kallo. Ga matashi, sanin ana kallonsa kaɗai ya isa ya kunna sashen jin daɗin nan. Mukan ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, sai mu tafi neman mugun aboki ɗaya mu raba su. Alhali yara biyar na kirki, in sun haɗu ba babba a kusa, kowannensu kan aikata abin da ba zai yi shi kaɗai ba.

Wani mahaifi daga Gyaɗi-Gyaɗi ya kawo mini ɗansa mai shekara 16. Ya ɗauke babur ɗin yayansa ranar ɗaurin auren unguwa, yana ɗaga ƙafar gaba a titi, ya faɗi ya karya hannu. Ga askin da uban ba ya so, ga yawan musu. Ya ce, "Malam, dukan ma ya daina yi masa aiki."

Na ce, "Alhaji, in kun aike shi da babur ɗin shi kaɗai, yaya yake tuƙi?" Ya ce lafiya lau. Da na keɓe da yaron, sai ya ce a majalisarsu shi ne ƙarami, kuma wasan babur ne kawai abin da ake kiran sunansa a kai. Suna yake nema a cikin sa'o'insa, irin neman da kowane matashi ke yi: ni wane ne ban da ɗan gidan wane?

Muka raba abubuwan gida biyu. Makullin babur ba nasa ba ne ranar biki ko bayan magariba, wannan ba ciniki. Aski da kalar sutura aka bar masa, muddin bai saɓa wa dokar makaranta ba. Sannan kawunsa mai gyaran babur ya ɗauke shi Asabar da Lahadi. Bayan wani lokaci abokan nan su ke kawo masa gyara, suna ce masa injiniya. Musun bai ƙare ba, kuma ban so ya ƙare ba, domin yaron da bai koyi cewa a'a cikin ladabi a gida ba, da wuya ya iya faɗinta a majalisa.

Sai dai kar wannan bayani ya sa ku sakankance. Mai neman kansa yana canza ado da ra'ayi, amma yana cin abinci, yana zuwa makaranta da Islamiyya, kun san abokansa. Wanda ya faɗa shaye-shaye alamunsa daban ne: barcin rana mai nauyi, magana tana jan harshe, kuɗi da kaya suna ɓacewa, kwalbar lemon da ba ya bari a taɓa. Rochi kan bar shuɗi a harshe, tiramol mai yawa kan jawo jijjiga kamar farfaɗiya. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyi ba su bar unguwanninmu ba. Haka nan abin damuwa ne yaron da ya daina magana da kowa mako biyu ko fiye, ko yake ambaton ya gaji da rayuwa.

Idan kun ga irin waɗannan, don Allah kada ku ɗaure shi ko ku kore shi daga gida. Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, kuma ku je tare da shi da kanku.