Darasi: Gina Rumbun Kalmomi Don Fassara Manhajar Jami'a Zuwa Koriyanci

Manufar darasi

Ɗalibai, yau za mu koyi yadda ake gina rumbun keɓaɓɓun kalmomi, domin kowane kwas ya fito da kalma iri ɗaya ko da mutum goma ne suka yi fassarar. Ƙa'idar ita ce: kowace ma'ana da gurbinta, kowane gurbi da kalma ɗaya da aka amince da ita.

Matakan aiki

Da farko, a tara manhajojin da za a fassara, a haɗa da takwarorinsu na jami'o'in Koriya ta Kudu, waɗanda suke kira 강의계획서. Daga nan a tsamo kalmomin da ke yawan maimaituwa. Waɗanda suka fi rikita mai fassara su ne na rabe-raben kwasa-kwasai. Kwas na dole a fannin ɗalibi shi ne 전공필수, na zaɓi a fannin kuwa 전공선택. Na dole a ilimin bai-ɗaya 교양필수 ne. Saboda haka kalmar "dole" kaɗai ba ta isa gurbi ba, sai an faɗi dolen wane rukuni ne.

Bayan haka a cike gurbin, a kai wa malamin fannin wanda ya iya Koriyanci ya duba, sannan a kulle shi.

Misali

Mu ɗauki 학점. A hukumance tana nufin nauyin kwas, kuma a dokar Koriya yunit ɗaya yana buƙatar aƙalla awa 15 na karatu a zango. Kwas mai yunit 3 ke nan ba zai gaza awa 45 ba. Amma a bakin ɗalibai, kalmar tana kuma nufin sakamakon jarrabawa. Idan aka bar ta haka, mai karatu zai ga 3 ya rasa ko nauyi ake nufi ko maki. Maganin shi ne a raba gurbi uku:

```
credit | 학점
grade  | 성적
GPA    | 평점평균
```

A gurbi na biyu a rubuta gargaɗi cewa an hana 학점 a nan. A na uku a faɗi ma'aunin, domin wasu jami'o'in Koriya suna aunawa a kan 4.5, wasu a kan 4.3.

Yadda ake gane ɓaraka

A bincika kalmar asali a duk fassarar. Idan ta fito da fuska biyu, rumbun ya yoye. A kula da tazara kuma: 선수과목 da 선수 과목 duk suna nufin kwas da ake gabatarwa kafin wani, kuma ƙa'idar rubutu ta yarda da duka, amma kwamfuta tana ƙirga su daban. A zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Aikin gida

Kowa ya ɗauki manhaja ɗaya, ya fitar da gurbi goma, kowanne da ma'anarsa, da jimlar misali, da kalmar da aka hana.