Tashin Farashin Hatsi Kafin Kaka

Mai saurarenmu daga Zinder ya tambaya: me ke sa hatsi tsada da damina, kuma yaushe sari ke da riba?

To malam, daga Yuli zuwa Agusta rumbunan manoma sun kusa ƙarewa, mai sayarwa ya koma mai saye, sai farashi ya tashi. Da kaka kuwa, kowa na fito da gero domin biyan bashi da hidimar biki, sai kasuwa ta cika, farashi ya faɗi.

Ka yi sarinka tsakanin Oktoba da Disamba. Ka ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas ta bushe. Ɗora buhunan kan katako, nesa da bango. Amma in da bashi mai ruwa za ka saya, ko ɗakinka na da danshi, ribar ta tafi.