Yadda Mai Sana'ar Kansa Zai Ƙiyasta Harajinsa Daga Littafin Shekara

Ma'aikacin albashi ba ya zama lissafin haraji, domin tun kafin kuɗi su iso hannunsa an cire. Amma tela, ɗan kasuwa, mai gyaran mota da duk wanda ke cin gashin kansa, shi ne zai zauna da littafinsa ya fitar da abin da ke kansa. Abin da za a riƙe tun farko shi ne, a Najeriya harajin mai sana'a a kan riba yake, ba a kan ciniki ba. Wanda ya iya raba waɗannan biyu ya gama rabin aikin.

Lissafin da ke tafe yana bin sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Za mu bi misalin wani mai sayar da kayan sola da haɗa su a Kano, mai shago ɗaya da yaran shago biyu, wanda bai yi rajistar kamfani ba. Irinsa hukumar tattara haraji ta jihar da yake zaune yake biya.

Mataki na ɗaya: tace kuɗin shiga

Ka karɓo takardar bayanin asusunka daga banki, ta Janairu zuwa Disamba, ka ajiye ta kusa da littafin ciniki. Ba duk kuɗin da suka faɗo asusu ne ciniki ba. Bashin da ka ciyo, kwasar adashi, kuɗin da ɗan'uwa ya turo a kai wa mahaifiya, da waɗanda ka ɗauko daga wani asusunka zuwa wannan, duk ka ja musu layi ka rubuta bayaninsu a gefe.

Mai solar namu ya ga ₦21,400,000 sun shiga asusunsa. A ciki akwai rancen ₦1,500,000 da adashin ₦900,000. Da ya cire su, saura ₦19,000,000.

Sai kuma ƙari. Akwai cinikin hannu da bai taɓa shiga banki ba, ₦2,340,000. Akwai aikin da ya kammala a Disamba ba a biya shi ba tukuna, ₦600,000, wanda shi ma cinikin wannan shekara ne tunda a cikinta aka yi aikin. Idan kuɗin suka zo baɗi, ba zai sake ƙirga su ba. Sannan wani kamfani ya ba shi kwangilar ₦3,000,000, ya cire kashi 2 cikin ɗari a matsayin harajin da ake riƙewa tun wurin biya, ya turo masa ₦2,940,000. Wannan ₦60,000 ɗin kuɗinsa ne da aka biya gwamnati da sunansa, don haka zai mayar da su cikin ciniki yanzu, ya cire su daga haraji a ƙarshe. Jimillar cinikinsa ta zama ₦22,000,000.

Mataki na biyu: fitar da kuɗin kayan da aka sayar

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su cire duk abin da suka saro a shekara. Batirin da ke jingine a shago ranar 31 ga Disamba bai zama kashe kuɗi ba, jari ne da ke jiran mai saye. Hanyar ita ce ka haɗa kayan da ka shigo shekara da su da waɗanda ka saro, sannan ka cire waɗanda suka rage, kowanne a farashin sari.

Ya shigo shekara da kayan ₦1,200,000, ya saro na ₦12,300,000, ya ƙirga ragowa ya samu na ₦1,500,000. Kayan da suka fita ke nan na ₦12,000,000. Idan aka cire su daga ciniki, ₦10,000,000 suka rage. Wanda bai rufe shago ya yi ƙirga a ƙarshen shekara ba, wannan mataki zai zame masa canki-canka.

Mataki na uku: cire hidimar sana'a, ka bar ta gida

Ma'aunin doka shi ne kuɗin da aka kashe kacokan domin samar da kuɗin shigar. Ka tambayi kanka a kan kowane layi: da ba na wannan sana'a, zan kashe wannan kuɗi? Idan amsar e ce, na gida ne.

Ga abin da ya tsallake a littafin mai sola: hayar shago ₦600,000, albashin yara biyu, kowane ₦60,000 a wata, ₦1,440,000, man mota da dako ₦360,000, wutar shago da man janareta ₦280,000. Katin waya da data sun ci ₦240,000, amma da wayar yake kiran kwastoma da ita yake kiran gida, sai ya ɗauki rabi, ₦120,000, ya rubuta dalilinsa. Jimilla ₦2,800,000. Riba ta tsaya a ₦7,200,000.

Abin da bai tsallake ba kuwa shi ne kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, ragon suna, da abin da yake ɗiba daga aljihun tebur yana kira albashinsa. Mai sana'a ba ya biyan kansa albashin da za a cire, domin ribar gaba ɗaya ita ce samunsa. Biyan uwar bashi ma ba hidima ba ce, kamar yadda karɓarsa bai zama ciniki ba. Zakka kuwa haƙƙi ce ta daban, ba ta cikin abubuwan da ake cirewa a wannan lissafi.

Mataki na huɗu: manyan kayan aiki kashi-kashi ake cire su

A shekarar ya sayi motar ɗaukar kaya kan ₦4,000,000, kuma aikin shago kawai take yi. Mota za ta yi masa aiki shekaru, don haka doka ba ta yarda a zabtare kuɗinta a shekara guda ba. Ana ba da rangwamen kayan jari ne a hankali: mota kashi 25 cikin ɗari a shekara, injuna da kujeru da kantoci kashi 20, gini kashi 10. Rabon bana ke nan ₦1,000,000, riba ta koma ₦6,200,000. Da motar tana kai iyali unguwa, sai a rage rangwamen daidai da rabon da sana'a ta ci.

Dubi girman kuskuren da ake yi a nan. Da ya cire miliyan huɗun baki ɗaya, harajinsa a ƙarshen lissafi zai fito ₦300,000, alhali na gaskiya ya haura dubu ɗari takwas. Ranar da jami'in haraji ya buɗe littafin, sai an biya gibin, ga kuma tara da kuɗin jinkiri a kai.

Mataki na biyar: sassaucin da ya shafi kai kanka

Bayan hidimar sana'a, akwai wasu abubuwa na ƙashin kai da doka ta amince a cire: gudummawar fansho, ta inshorar lafiya ta ƙasa, ta asusun gidaje na ƙasa, kuɗin inshorar rai, da ruwan bashin gina gidan da mutum yake zaune ciki. Sabon abu shi ne sassaucin haya, wato kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan zama da aka biya a shekara, amma ba zai wuce ₦500,000 ba. Shi ya maye gurbin dunƙulallen sassaucin da tsohuwar doka ke ba kowa, saboda haka mai zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan kaso.

Mai sola yana biyan hayar gida ₦1,000,000, ya samu ₦200,000. Ya kuma zuba ₦200,000 a asusun fansho na masu sana'ar kansu. Da aka cire ₦400,000, kuɗin da haraji zai hau kansu su ne ₦5,800,000. Waɗannan sassauci sai ka nema a takardar bayanin harajinka ka kuma nuna rasit, ba a bayar da su haka kawai.

Mataki na shida: hawa matakalar haraji

Ba a ɗaukar kashi ɗaya a buga a kan kuɗin duka. Yanka su ake yi, kowane yanki da nasa kason:

- ₦800,000 na farko: babu haraji
- ₦2,200,000 na gaba: kashi 15
- ₦9,000,000 na gaba: kashi 18
- ₦13,000,000 na gaba: kashi 21
- ₦25,000,000 na gaba: kashi 23
- abin da ya haura ₦50,000,000: kashi 25

Daga ₦5,800,000, dubu ɗari takwas na farko sun wuce kyauta. Yanki na biyu ya cika, kashi 15 na ₦2,200,000 ya ba da ₦330,000. An cinye miliyan uku ke nan, saura ₦2,800,000, kashi 18 nasu ₦504,000. Harajin shekara ya kama ₦834,000.

Don tabbatar da lissafi, ga gajeriyar hanya: duk wanda kuɗinsa suka faɗa tsakanin miliyan 3 da miliyan 12, harajinsa ₦330,000 ne da kashi 18 na abin da ya ɗara miliyan 3. Idan ka ga sakamakonka ya kai kashi 18 na kuɗin gaba ɗaya, ka manta da yankawa, sai ka koma baya.

Mataki na bakwai: cire abin da aka riga aka biya

Yanzu ₦60,000 ɗin nan za su dawo. An cire su, abin da ya rage ya biya ₦774,000 ne. Sai dai hukuma ba za ta amince da baki ba. Tun lokacin biyan kwangila ya kamata ka ba kamfani lambar shaidar harajinka, ka kuma karɓi takardar shaidar abin da aka riƙe. In babu ita, kuɗin na iya bin ruwa.

Raba ₦774,000 gida goma sha biyu, ₦64,500 ke nan a wata. In dai kasuwa ba ta sauya sosai ba, abin da zai riƙa warewa ke nan a shekara mai zuwa, kada wa'adi ya same shi kuɗi na cikin kaya.

Kafin ka kai takarda

Ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen 31 ga Maris, ko da lissafi ya nuna ba a binka komai. Makara tana jawo tarar ₦100,000 a watan farko, da ₦50,000 a kowane wata bayansa. A adana littattafai da rasitai aƙalla shekara shida, waɗanda tawadarsu ke gogewa kuma a ɗauki hotonsu tun suna karantuwa.

Kada kuma labarin yafe wa ƙananan kamfanoni haraji ya ruɗe ka. Wancan na kamfani ne mai cikakkiyar rajista. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, ribarsa samunsa ce, wannan matakala zai hau.

Wanda ba shi da littafi, hukuma ce za ta yi masa ƙiyasi da abin da ta gani, kuma ba lallai ta san nawa ya kashe ba. A matakin da mai solar nan yake, duk hidimar ₦100,000 da ya kasa kawo shaidarta tana ƙara masa harajin ₦18,000. Saboda haka ka buɗe wa sana'a asusunta daban, ka sa yaran shago su riƙa sa hannu idan sun karɓi albashi, kuma ko dako ka biya, ka rubuta a ranar.