Morph: Yadda Za Ka Sa Hoto Ya Yi Tafiya a PowerPoint

Lokacin difens ya matso. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban malamai ya san cewa silaid yana canjawa farat ɗaya, sai mai kallo ya rasa inda aka kwana. Morph maganin wannan ne: yana kwatanta silaid biyu da ke jere, ya ɗauki abin da ke cikin na farko ya kai shi sabon wurinsa a na biyu, sannu a hankali.

Mu ce furojet ɗinka famfon ruwa ne mai aiki da sola. A silaid na farko ka jera hotuna huɗu: fanel, kwantirola, famfo da tanki. Kana son kwantirola ta matso tsakiya ta ƙara girma lokacin da kake bayaninta.

Kada ka gina silaid na biyu daga farko. Zaɓi na farkon a gefen hagu, ka danna Ctrl+D, za ka sami kwafinsa. A cikin kwafin, ja kwantirola zuwa tsakiya ka faɗaɗa ta, sauran ukun kuma ka rage su ka tura gefe. Kana nan a kan silaid na biyu, shiga Transitions ka zaɓi Morph. A lura, na biyun ake sa wa, ba na farko ba. Nan ne yawancinmu ke kuskure. Danna Preview ka gani. Duration yakan zo da daƙiƙa 2. Ni nakan mayar da shi 1, don kada malami ya zauna jiran hoto.

Idan ka ga kwantirola ta ɓace sannan ta sake bayyana maimakon ta yi tafiya, to PowerPoint bai gane abu ɗaya ba ne. Hakan na faruwa idan ka goge hoton ka sa wani daban. Gyaran ba wuya. Danna Alt+F10, Selection Pane zai buɗe. Ka ba hoton suna iri ɗaya a silaid biyun, mai farawa da alamar motsin rai guda biyu:

```
!!kwantirola
```

Ko harafi ɗaya ya bambanta, ba zai yi ba.

Saura batun kwamfutar da za ka yi amfani da ita ranar. Morph yana cikin PowerPoint 2019, 2021 da Microsoft 365. Tsoho irin na 2013 kuwa Fade kawai zai nuna, duk wahalarka ta tafi a banza. Don haka ka gwada fayil ɗinka a kwamfutar zauren tun ana gobe. In ta ƙi, ka zo da taka, ko ka bi File, Export, Create a Video ka ajiye bidiyon a filashi. Allah ya ba mu sa'a.