Lissafin Alkhawarizmi: Abin da ya Gada da Abin da ya Ƙara

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, malaman Bagadaza sun duƙufa wajen juya littattafan Girka da Farisa da Indiya zuwa Larabci. Cikin masu fassarar har da Kiristoci, irin su likita Hunainu ɗan Ishaƙ. Da yawa daga cikin littattafan likitan Girka Jalinusu ta hannunsa suka shiga Larabci. Wasu kan ce aikin malaman nan bai wuce ajiyar kayan wani ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma littafin Aljabaru da Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta wajen shekarar 820 ya isa shaida.

Ga wata tambaya da ya warware. Akwai wata lamba, an ninka ta da kanta, an ƙara ninkinta goma, sai aka sami 39. Wace lamba ce? Ya ce a raba goma biyu, a sami 5. Biyar sau biyar 25. A haɗa da 39, ya zama 64. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 64 ita ce 8. A cire 5 ɗin nan, saura 3. Mu gwada: uku sau uku 9, uku sau goma 30, jimla 39. Wanda ya manta bai cire 5 ba zai tsaya a 8, gwaji kuwa zai ba shi 144, nan take ya san ya kuskure.

Mai musu zai ce ai mutanen Babila sun san wannan dabara tun fiye da shekara dubu biyu kafin a haife shi. Gaskiya ne. Sai dai su tambaya ɗaiɗai suke warwarewa. Shi kuwa ya kasa irin waɗannan tambayoyi gida shida, kowane gida da hanyarsa, sannan ya zana hujja. Ka ɗauki fili mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa da faɗinsa ɗaya, wato lambar da ake nema, ka jingina masa fegi biyu masu faɗin 5, ɗaya gabas, ɗaya kudu. Za ka ga giɓi a kusurwa, biyar sau biyar. Wannan giɓin shi ne 25 da aka ƙara, don fili ya cika. Da wannan zane ɗalibi zai ga dalili da idonsa, ba hadda kawai ba.

Aikin yana da iyaka, domin da kalmomi ya rubuta komai, kuma bai karɓi lambar da ta gaza sifili ba. Amma ya yi shi ne don bukatar jama'a, shi ya sa babban kaso na littafin ya tafi kan wasiyya da rabon gado. A shekarar 1145 aka fassara sashen farko na littafin zuwa Latin a ƙasar Sifen, Turawa suka shiga koyo daga gare shi.