Me Ke Sa Zafi Ko Sanyi Ya Ƙi Tafiya?

Mai sauraronmu daga Damagaram, ka tambayi abin da ya sa zafi ya yi makonni bai ɗaga ba a Rasha a 2010.

To malam, kimanin kilomita 10 sama da kawunan mutanen can, akwai wata iska mai gudun gaske daga yamma zuwa gabas, kan iyakar sanyin arewa da ɗumin kudu. Ba ta miƙewa sambal, lanƙwasa take kamar kogi a fadama. Galibi lanƙwasar kan matsa gabas, yanayi ya sauya cikin 'yan kwanaki, amma idan ta yi girma sosai sai ta cije wuri guda.

Haka ta cije a kan yammacin Rasha, ta turo baki arewa. A ƙarƙashinta iska na saukowa tana matsewa tana ɗumama, hadari ya kasa haɗuwa. Da ƙasa ta bushe ƙamas, zafin rana da a da yake ƙarewa wajen busar da laima sai ya koma gasa iska. Ranar 29 ga Yuli, Mosko ta haura digiri 38, alkama ta ƙone a gona.

Inda kuwa lanƙwasar ta zurmo kudu da hunturu, sanyin arewa ne ke kwararowa ya zauna daram.