Silaid ɗin majigi ba na waya ba ne

Wata ƙungiyar manoman rani ta kawo mini silaid ɗinta in gyara, bayan ɓarna ta riga ta auku. An shirya su ne don bita a zauren taro, da bitar ba ta yiwu ba sai aka ɗauki hotunansu aka watsa a WhatsApp. A ciki akwai jadawalin maganin feshi mai layi 12, rubutu lamba 14, ruwan toka a kan fari. Wani dattijo ya duba a wayarsa, a gona, cikin rana tsaka. Inda aka rubuta mililita 7.5 shi 75 ya gani, domin ɗigon ya ɓace. Haka ya zuba a tankin feshi, ganyen tumatirinsa ya ƙone. Da na yi wa wanda ya tsara magana, sai ya ce ai da Baba ya ja hoton da yatsu ya ƙara girma. Wannan amsa ta fi kuskuren ɓata mini rai. Mutumin da hannunsa ke jiƙe da magani ne zai tsaya jan hoto?

Lissafin ba wuya. Faɗin silaid ɗin da PowerPoint ke buɗewa da shi ya kusa santimita 34, faɗin fuskar waya a tsaye kuwa bai fi 7 ba. Komai zai ƙanƙance kusan sau 5 ke nan. Lamba 14 ta koma ƙasa da 3, ɗigo kuma ya zama ƙura. Sannan WhatsApp ya matse hoton, ɗan abin da ya rage ya dushe.

Abin da na yi, na shiga Design, Slide Size, Custom Slide Size, na zaɓi Portrait. Faɗi ya dawo santimita 19, don haka lamba 28 tana fitowa kamar 10 a waya, ana karantawa ba ƙyafta ido. Jadawalin nan na farfasa shi, kowane magani da silaid ɗinsa: suna a sama, awo a tsakiya da lamba 60, baƙi a kan fari. Ɗigon ma na kore shi, na rubuta "7 da rabi".

Masu kawo aiki, ku daina cewa a cusa komai a shafi ɗaya don kada shafuka su yi yawa. Ku daina! Shafi ba da kuɗi ake saye ba. Kada a tura hoto, a mai da silaid ɗin PDF a tura ta Document. Kada a tura fayil ɗin PowerPoint ɗin kansa, waya na iya musanya salon rubutun, ƙ da ɗ su fito daban, layuka su hau juna. Tambarin ƙungiya ma a rage shi.

Kafin ka tura wa kowa, tura wa kanka, ka fita rana da ƙaramar waya ka karanta. In sai ka ja da yatsu, aikin bai gamu ba, koma ka ƙara girman rubutun.